Mu da Mura: Kwana Biyu Sai Kemis

Mu dai a unguwar nan ba ma ba mura kwana uku. Hunturu ya busa, hanci ya toshe, yau a sha citta da kanumfari, gobe a yi sirace, jibi kuwa sai a tura yaro kemis: "Ka ce ya ba ka kafso na kwana biyu." Hujjarmu ɗaya ce, wai majina ta koma kore.

A teburin mai shayi aka tayar da zancen, tela na ta jan hanci yana neman a tausaya masa. Maƙwabcinmu malamin asibiti ya ce, "Maigida, yau kwana nawa?"

"Huɗu. Amma ka ga kalar majinar kuwa?"

"A bar mana kalar nan, muna shan shayi. Ko murar da za ta tafi da kanta tana yin kauri ta yi kore. Bairos ne ke kawo mura, kafso kuwa bakteriya yake kashewa, ka ga ba su ma haɗa hanya ba. Tana tsananta a kwana na biyu zuwa na huɗu, ta fara sassautawa, a kwana 7 zuwa 10 ta tattara. Tari ne kan yi naci har mako uku."

Mai shayi ya ce to yaushe ke nan za a damu?

Malamin ya ce a cikin ƙashin kumatu da goshi akwai 'yan koguna da ke zubar da majina ta hanci. In kumburi ya toshe ƙofarsu, majina ta kwanta, bakteriya kan samu wurin zama. Bai cika faruwa ba, a manya da kyar ya kai mura biyu cikin ɗari. Ana zarginsa in an wuce kwana 10 babu alamar sauƙi, ko tun farko zazzaɓi ya kai 39 da majina kamar ruwan ƙurji da ciwon fuska kwana uku a jere.

"Wanda ya fi yaudararmu shi ne mai dawowa. Ka ji sauƙi a kwana na biyar, har ka koma kan kekenka. Kwana na bakwai sai zazzaɓi sabo, kunci ɗaya na zugi, haƙoran sama na ciwo, in ka yi sujada kamar fuskar za ta faɗo. Wannan kam ka zo a duba ka."

Tela ya zaro maganin ɗigawa a hanci daga aljihu, wai shi ne rufin asirinsa. Aka ce kada ya wuce kwana uku yana ɗigawa, in ya zarce hancin sai ya fi da toshewa. Gara ya wanke hancin da ruwan gishiri, rabin ƙaramin cokali a kofin ruwan da aka tafasa ya huce.

Amma in fatar ido ta kumbura, ko mutum na ganin abu biyu-biyu, ko wuya ya sanƙare, musamman yaro, ba a jiran lissafin kwana. Asibiti a ranar, ko da dare ne.