Gashin Brazil a Kasuwar Wuse

Na raka ƙanwata Kasuwar Wuse sayen gashin kanti, ashe karatu zan koyo. Mai shagon ta ɗago wani tana cewa, "Hajiya, wannan na mutum ne tsantsa, ɗan Brazil." A Wuse kowane gashi daga Brazil yake, sai ka rantse matan ƙasar sun zama masu ƙwal-kwabo.

Ƙanwata ta nemi a tsinko sili ɗaya a ƙona. Na mutum yakan yi ƙaurin gashi ya zama toka, na roba kuwa ya narke ya dunƙule kamar leda. Wannan dai toka ya yi, mai shagon ta yi ajiyar zuciya.

Sai batun tsawo. An rubuta inci 22, ƙanwata ta ce ai bai kai ba. Aka bayyana mata cewa mai lanƙwasa sai an miƙe shi ake aunawa, don haka a ka zai fi guntu. Cika kuma 150 cikin ɗari, wato ya fi 130 kauri, amma a zafin Maris na Abuja mai 180 hular sanyi ce kawai. Wanki da ruwa mai ɗan ɗumi, taza daga ƙasa zuwa sama, kuma kada dutsen gashi mai zafi ya kusanci na roba.

A bango an manna doka: wanda aka sa a ka, ko aka yanke masa raga, ba a dawo da shi, saboda tsafta. Na ce, "To in bai yi mata kyau ba fa?"

Mai shagon ta dubi sanƙona ta ce, "Alhaji, sai ta ba ka."