Hamsin da Hamsin, To Ina Fuska, Ina Hanya?

Mu dai a wannan gefe namu na bayan gari, daga Rijiyar Zaki zuwa Ɗanbare har ka miƙe titin Gwarzo, ba a raba mu da zancen fili. Duk majalisar da ka zauna bayan la'asar, kafin shayi ya yi zagaye biyu wani zai ce akwai wani fili can ciki, hamsin da hamsin, wuri mai kyau, mai shi kuɗi yake buƙata da gaggawa. Iyakar bayanin ke nan. Sai a yi ta gyaɗa kai kamar an ga wurin, alhali ba wanda ya san ta ina ake shiga, ko me za a iya ɗorawa a kai.

Gida ginanne shi yake bayyana kansa. Ka shiga ka ƙirga ɗakuna, ka leƙa banɗaki, ka ɗaga kai ka dubi rufi. Fili kuwa ciyawa ce da tumfafiya da duwatsu huɗu a kusurwa, wani lokacin ma duwatsun sun nutse. Don haka abin da mai sayarwa ya faɗa da bakinsa shi ne kusan duk abin da mai saye zai riƙe, musamman ɗan'uwanmu da ke Legas ko Fatakwal yana turo kuɗi a saya masa. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, malamanmu ma sun yi ta jan kunne a kan sayar da abin da ba a san haƙiƙaninsa ba. Amma a harkar fili mun mayar da wannan ba komai ba.

Mu fara da awo, tunda a nan muka fi sakaci. Lambobin nan da muke faɗa ƙafa ne, kuma ƙafar tef ɗin awo ake nufi. Taku daban ne. Takun dogon mutum da na gajere ba ɗaya ba ne, igiya ma tana miƙewa idan an ja ta da ƙarfi. Fuloti cikakke da aka fi sani shi ne hamsin da ɗari, wato ƙafa murabba'i 5,000, kimanin mita murabba'i 465. Hamsin da hamsin rabinsa ne. Inda mutane suke ruɗewa shi ne ɗari da ɗari. Na sha jin ana cewa hamsin da hamsin rabin ɗari da ɗari ne, tunda hamsin rabin ɗari ce. A'a, kwata ne. Ɗari sau ɗari 10,000, hamsin sau hamsin 2,500, sai ka jera huɗu kafin ka cika shi. Idan kuma mai sayen daga Maraɗi ko Damagaram yake, a faɗa masa ƙafa ake nufi, domin su da mita suke lissafi. Ashirin da ashirin nasu mita murabba'i 400 ne, ya kusa ninka hamsin da hamsin namu, wanda bai wuce 232 ba.

Sannan lambobi biyu ba su isa ba sai an ce wanne ne fuska. Fili mai arba'in da saba'in da biyar, idan arba'in ɗin ce take kallon hanya, gida ne mai zurfi: ƙofa ɗaya, zaure, sai a yi ta shiga ciki. Idan kuwa saba'in da biyar ce a bakin hanya, ga wurin shaguna nan a jere, gida kuma a baya. Faɗin ƙasa ɗaya, amfani daban, kuɗi ma daban. Shi ya sa masu hankali a cikin dillalai suke fara faɗin fuska, sannan zurfi, su kuma ce gabas take kallo ko yamma. Mai shago ya san abin da ranar yamma take yi wa kaya.

Akwai wani fili da aka yi cinikinsa a layinmu wanda har yau ake kafa misali da shi. Dillali ya ce arba'in da saba'in da biyar ne, kuma bai yi ƙarya da gangan ba, gefe ɗaya ya auna. Wani malamin makaranta ya nuna yana so, sai ya ɗauko Baba magini, dattijon da ya gina rabin gidajen unguwar, suka je da tef. Fuska ta cika arba'in daidai. Gefen kudu saba'in da biyar. Da suka zo gefen arewa sai tef ya tsaya a sittin, saboda katangar maƙwabcin baya a karkace ta zo.

Dillalin ya ce, "Baba, ai ɗan abin kaɗan ne, ba zai hana gini ba."

Baba ya ce, "Gini dai za a yi, yaro. Amma zauna mu lissafa, kada Malam ya biya kuɗin ƙasar da babu ita."

A ƙasa ya zana da tsinke. Idan gefe biyu ba su yi daidai ba a fili irin wannan, sai a haɗa su a raba biyu: saba'in da biyar da sittin, rabinsu sittin da bakwai da rabi. A ninka da arba'in na fuska, ya ba da 2,700. Abin da aka faɗa da baki kuwa 3,000 ne. Ƙafa murabba'i 300 sun tafi, wato kashi ɗaya cikin goma na filin, wurin ɗakuna biyu masu sha biyu da sha biyu har da ɗan saura. Kuma ba a nan asarar ta tsaya ba, domin kusurwar da ta tsuke ba ta ɗaukar ɗaki mai kyau, sai dai a yi mata ɗakin ajiya ko a tura banɗaki can. Mai filin mutumin kirki ne, da aka kai masa lissafin ya rage kuɗin, aka rubuta ɓangarori huɗun a takarda kowanne da awonsa. Tun daga nan, duk wanda ya kawo zancen fili a majalisarmu sai an tambaye shi: gefe nawa ka auna?

Hanya kuma, kalmar da muka fi so ita ce "mota tana shiga har ƙofa". Wace mota? Ƙaramar mota tana shiga inda tifa ba ta isa ba, kuma mai gini tifa yake buƙata kafin motar hawa. Faɗin tifa kusan ƙafa takwas ne, ga shi sai ta sami wurin juyawa da wurin juye yashi. Layi mai ƙafa ashirin a takarda, idan wannan ya fito da dakali, wancan ya haƙa ramin salga a waje, wani ya kafa rumfa, sai ka tarar sha biyu ce ta rage. Ranar da aka kawo yashi da bulo sai a zube su a bakin babban layi, a koma ɗauka da baro. Duk buhun siminti sai an biya ɗan dako. Wannan kuɗi ne da ba ya cikin farashin fili, amma daga aljihun mai saye zai fita. Don haka a faɗi faɗin layin yadda yake a yau, da tef, a kuma faɗi nisan wurin daga kwalta da ma'aunin da kowa zai gane. "Nan kusa ne" ba awo ba ne. A ce kilomita ɗaya daga titi, a shiga ta gefen masallacin Juma'a, layi na uku a hannun dama.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne hanyar aro. Ana bi ta cikin filin wani da bai gina ba, shekara da shekaru, har ta zama turba, kowa ya ɗauka hanya ce. Ranar da mai wurin ya kawo bulo ya zagaye abinsa, na ciki ya zama ba shi da mafita sai lungun da babur ma da ƙyar yake wucewa. A awon gwamnati akwai taswira, ana ganin layin a zane. A awon igiya kuwa, inda gona ce aka yanka, dole a tambayi wanda ya yanka da mai unguwa: wannan hanyar an fitar da ita ne, ko ta wani ce ake bi? Mai sayarwa na gari shi zai fara faɗa tun ba a tambaye shi ba.

Yawancin filaye da rani ake nuna su, lokacin da ko'ina ya bushe ya yi fes. A watan Agusta ake sanin gaskiyar wuri. Amma ko da rani ƙasa tana ba da labari ga mai lura. Baƙar ƙasa mai tsattsagewa laka ce, tana riƙe ruwa, tana kumbura tana motsa gini, harsashinta sai an kashe kuɗi. Jigawa ruwa yana wucewa. Dubi katangun maƙwabta: idan akwai zanen danshi a gindinsu, ko ka ga sun ɗaga dakalin ƙofa ya kai gwiwa, ruwa yana kwanciya a layin. Idan tsohon kududdufi ne aka cike da shara, tsofaffin unguwa sun sani, kuma a faɗa. Ba aibi ba ne a sayar da wuri mai kwari. Akwai mai so, ya saya da sauƙi ya yi ciko. Aibin shi ne a rufe baki.

Shi kuma abin da za a yi da filin, ba son ran mai saye kaɗai ba ne. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, abin da muke saye da sayarwa haƙƙin zama ne a kanta. Takardar mallaka ta gwamnati tana ɗauke da abin da aka ba da wurin dominsa, na zama ne ko na kasuwanci, kuma a Kano hukumar tsara birane, KNUPDA, ita take ba da izinin gini. Saboda haka kada a ce wa mutum "ya yi gidan mai" ko "ya yi makaranta" don kawai wurin yana da faɗi. A faɗi takardar da ke hannu da sunanta: ta gwamnati ce, ta ƙaramar hukuma ce, ko takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa da shaidu. Idan gado ne, a ce an raba ko ba a raba ba, domin filin da magaji ɗaya ya sayar ba da sanin sauran ba, a kotu yake ƙarewa. Idan babbar wayar lantarki ta ratsa ta sama, wannan ma a faɗa, ba a gini a ƙarƙashinta.

Da za a rubuta tallan filin layinmu yadda ya kamata, ga yadda zai fito: fili na zama, awon igiya, fuska ƙafa 40 tana kallon gabas, gefen kudu 75, gefen arewa 60, baya a karkace. Layi mai ƙafa 20, fitacce ne tun yanka, tifa tana shiga. Jigawa ce, ruwa ba ya kwanciya. Akwai turakun wuta a layin, ruwa sai rijiyar burtsatse. Takardar ciniki da shaidu, mai shi ɗaya ne. Ko minti ɗaya ba a yi ba an gama karantawa, kuma wanda ke Legas ya san abin da zai saya.

Don Allah 'yan'uwa dillalai da masu filaye, kafin ku kai zancen fili majalisa ko ku tura shi a waya, ku ɗauki tef ku auna gefe huɗu da faɗin layi. Kai kuma mai saye, ka je da magininka, ka gaisa da maƙwabta, ka tambaye su yadda layin yake da damina.