Sannu da Ƙoƙari, Malam Sakatare

Na karanta rahoton da ka rubuta a littafin ƙungiyarmu ta manoman shinkafa a kan hatsarin taraktar da ta kife a bakin kanal, kuma dole in jinjina maka. Layi uku kacal: "Ranar Talata tarakta ta faɗi. Direba ya ji rauni. Tsautsayi ne, Allah ya kiyaye gaba." Yaro ɗan shekara goma sha tara yana kwance a asibiti da karyayyen ƙugu, buhunan mutane sun sha ruwa, kai kuma ka tattare duka cikin layi uku. Wannan gwaninta ba kowa Allah ya ba ba.

Kalmar "direba" ta fi komai burge ni. Duk wanda ke gonakin nan na Kadawa ranar ya san direban ƙungiya, mai shekara goma sha biyu a kan sitiyari, yana gida zazzaɓi ya kayar da shi. Wanda ya hau motar yaronsa ne, wanda aikinsa shafa giris da ɗaura tirela, kuma bai fi mako uku da fara taɓa giya ba, shi ma a fili mai laushi, ba kaya a baya. Wani sakataren mai neman fitina da ya rubuta sunan wanda hannunsa ke kan sitiyari a daidai lokacin, da damina nawa ya yi yana tuƙi, da ko ya taɓa jan tirela mai kaya a kan tudun kanal, da ko yana da lasin aji F da ake bayarwa don tarakta da injinan gona. Da ya tambayi tun ƙarfe nawa yaron ke aiki, aka ce masa tun bayan asuba, hatsarin kuma dab da magariba. Da ya ƙarasa da tambayar da ta fi zafi: wa ya miƙa masa makulli? Kai kuwa, da yake kai mai rufa asiri ne, ka bar kaza cikin gashinta.

Madalla kuma da yadda ka tausaya wa taraktar, ba ka tona mata asiri ba. Kowane yaron gareji ya san tarakta birki biyu gare ta, na tayar hagu da na dama, domin a gona ana taka guda ɗaya don a juya a ƙarshen kunya. Saboda haka ba sa cinyewa daidai. Idan za a hau hanya, akwai ɗan ƙarfen da ake kifawa ya haɗe su, su kama tare. Namu ya karye tun bara, an ɗaure da waya, wayar ma ta tsinke. Direba ya faɗa a taro har sau biyu, a gabanka, aka ce a bari sai an sayar da shinkafa. Shi tsohon hannu ne, ya saba shimfiɗa tafin ƙafarsa a kan duka biyun. Yaro bai san wannan dabara ba.

Ga abin da ƙasa ta rubuta, tun da kai ba ka rubuta ba. Na je wurin da safe kafin shanu su tattake. Sawun birki guda ɗaya ne tak, na tayar dama, ɓangaren ruwa, ya ja ƙasa kamar taku shida sannan ya karkata. Ta hagu kuwa zanen tayarta na nan sarai, tana mirginawa abinta. Ma'anarsa a fili take: yaron ya hango gangara, ya firgita, ya taka, birki ɗaya ya kama, motar ta juya kanta zuwa kanal. A bayansa akwai tirela marar birki ɗauke da buhu 50. Ko da kowane buhu kilo 80 ne, tan huɗu ke nan, ban da nauyin tirelar kanta, a bayan motar da ba ta kai wannan nauyin ba. Kayan ne suka tura ta. Da aka duba, giyar tana babba, alhali gangara da ƙaramar giya ake sauka, injin ya riƙe nauyin. Kai kuma, saboda tsananin son tsafta, ka sa aka janye motar tun daren, ko hoto ɗaya ba a ɗauka ba, ga waya a aljihun kowa. Sannu da hanzari.

Na yaba da yadda ba ka wahalar da kanka da agogon awa ba. Gaskiyarka, me za ka karanta a agogon da ya tsaya shekara biyu da suka wuce? Da shi ake sanin lokacin juye baƙin mai da duba birki, amma mu a nan sai mota ta yi kuka muke sanin ba ta da lafiya. Wani mai ƙwaƙƙwafi da ya rubuta cewa agogon ya mutu, da ranar da makaniki ya taɓa motar a ƙarshe da abin da ya gyara. Da ya danna kowane birki da hannu ya ga wanne ke nutsewa kafin ya kama, ya girgiza sitiyari ya ji wasan da ke ciki, ya duba iskar taya. Da ya rubuta cewa babu ƙarfen kariya a saman kujera, wanda ke hana mota danne mai tuƙi idan ta kife, muddin ya ɗaura bel. Namu an kwance shi don ya daina kama rassan mangwaro, yana nan jingine a bayan sito, kaji na kwana a kai.

Shaidu ma ka hutar da su. Mutum huɗu ne suka gani: mai ban ruwa, da 'yan dako biyu, da wata mai tallar fura. Da an ji kowannensu shi kaɗai a ranar, kafin labari ya zaga majalisa ya zama baki ɗaya, da an samu gaskiya da ɗuminta. Shi yaron ma, da ya farfaɗo, babu wanda ya zauna kusa da gadonsa ya ce, "Ɗana, faɗa min yadda aka yi, ba kama ka za a yi ba." Yanzu kowa ya haddace naka: tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Ai kuwa rahotonka ya yi amfani. Da shi kwamiti ya zauna, bai ga laifin birki ba tun da babu birki a takarda, bai ga laifin mai ba da makulli ba tun da babu makulli a takarda. Aka yanke cewa yaro ya yi ganganci. Aka gyara fitila da murfin inji, aka yi sabon fenti, mota ta koma aiki da birkinta yadda yake.

To, Malam, bari in ajiye yabo in yi maka magana ta 'yan'uwa. Dukkanmu mun yi imani da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta hana a rubuta cewa ƙarfen birki ya karye ba. Littafin nan amana ce ta mutum sittin da suka haɗa kuɗinsu, da ta duk wanda zai hau kujerar nan gobe. Ka buɗe sabon shafi, ka rubuta wanda ya tuƙa da iyakar saninsa, da wanda ya ba shi izini, da halin da motar ke ciki, da kayan da ta ɗauko, da abin da sawun taya ya nuna. Kai da shugaba da makaniki ku sa hannu, a karanta a gaban taro. Kafin nan, a karɓe makullin a ajiye. Ɗanka na biyu ma ya fara bin direba gona.