Sunan da Ya Shige Kalmasa

Da yake ni mutumin cikin birnin Zariya ne mai ɗan riƙe alƙalami, abokina kuwa ɗan Wusasa ne mai ɗaukar hoto, sai muka yi ittifaƙi mu haɗa jerin hotuna guda a Instagram, irin wanda ake ja da yatsa shafi bayan shafi, a kan yadda mishan ɗin Likita Miller, wanda ya zauna cikin ganuwa tun 1905, ya tashi ya koma Wusasa a 1929.

Rabon muka yi shi bisa adalci kamar na magada. Shafi goma ne: huɗu nawa, na zaman cikin birni, huɗu nasa, na cocin Bartholomew da aka gina da ƙasa bisa tsarin ginin Hausa, da asibitin Luka, da dutsen Kufena, na fari da na ƙarshe kuwa tarayya. Daidaita murya ce ta ci mana lokaci, domin ni ina ce wa mai karatu "ku duba", shi yana cewa "kai, kalli nan", har ya zama wanda ya tsallaka daga shafi na biyar zuwa na shida zai zaci liman ne ya miƙa wa ɗan kamasho lasifika. Muka yi sulhu a kan "ku", da jimla biyu kacal a kowane shafi, sa'an nan kowa ya gyara na ɗan'uwansa. A gindin shafin ƙarshe muka jera sunayenmu, nawa a sama nasa a ƙasa, bisa ƙuri'a, na kuma aika masa gayyata ta `Invite collaborators`, wadda idan ya karɓa aikin zai fito a shafin kowannenmu da suna biyu.

To, ga inda ƙaddara ta ɓuya. Shafuka tara dogaye ne, fiksil 1080 a faɗi, 1350 a tsawo, amma bangon, wanda har yau ba a tantance hannun da ya zana shi ba, murabba'i ne, 1080 ta kowace fuska. Manhajar kuwa siffar hoton farko take ɗora wa sauran, saboda haka ta yanke 135 daga saman kowane shafi, 135 daga ƙasa, kuma a cikin na ƙasan nan sunan abokina yake zaune.

A ƙofar gidansu na miƙa wa mahaifiyarsa wayata, shi tasa tana wurin mai caji da gayyatar a ciki. Ta gyara tabarau, ta bi shafukan a natse tana sa albarka, har ta iso na goma, inda aka rubuta "Rubutu da hotuna", sai sunana shi kaɗai, ɓaro-ɓaro. Ta sa yatsa ta ja hoton sama. Bai motsa ba. Ta goge yatsan a gefen zane, ta sake ja, a hankali, irin jan wanda ke ba mai laifi damar tuba, ni kuwa ina tsugune ina kallon yatsan nan yana kaiwa yana komowa, alhali na sani yaƙinan babu kome a ƙarƙashi. Sa'an nan ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Malam, ashe har hoto kake ɗauka? Madalla." Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Abokina bai ce uffan ba, sai dai ya ƙura wa Kufena ido kamar yau ya fara ganinsa.

Ana cikin haka sai wani dattijo tela da ke maƙwabtaka ya ajiye almakashi, ya karɓi wayar, ya juya bayanta, ya shafa gefenta da babban yatsa, ya yanke hukunci cewa sunan bai ɓata ba, kalmasa ce ta cinye shi, a farke ta kawai. Na ce, "Baba, ai gilashi ne." Ya ce to a sayo waya mai tsawo, domin shi bai taɓa ganin an zargi yadi ba alhali mai riga ne gajere, in kuma babu hali, a jingine ta tsaye ta kwana, kome nauyin suna zai sauko.

Bayanin da ke ƙarƙashin jeri ana iya gyara shi, amma hoton da ya riga ya hau ba a musanya shi, don haka dole muka goge aikin ɗungurungum, da yabon da ya fara tarawa, muka mai da bangon dogo, muka ɗaga sunayen zuwa tsakiyar shafi a layi guda. Baba tela ya aiko yaro da safe a tambaye ni a shafi na nawa aka sa nasa sunan.