Alhaji, Wa Ya Rubuta Littafin da Oditanka Yake Dubawa?

Na san abin da za ka ce, Alhaji, tun kafin ka gyara zaman hula. Za ka ce kamfanin akantocin da ke rubuta maka littattafan asusu shi ya fi kowa sanin cinikinka, don haka ba ka ga dalilin ɗauko baƙo a ƙarshen shekara ya zo yana tambayar inda rasit yake ba. Kuma in ka haɗa musu aikin biyu sai su yi maka ragi. To, madalla da tattali. Amma zauna mu yi lissafi tare, tunda lissafi ne sana'ar gidan.

A ce kana sayar da takin zamani a Kano, kana ba diloli bashi. Wani dila ya karɓi kaya na naira miliyan 60, yau wata goma sha huɗu, in ka kira shi sai ya ce yana kan hanya. Dole a ware wani kaso na bashin nan a littafi a matsayin wanda mai yiwuwa ba zai dawo ba, kuma duk abin da aka ware daga riba ake cire shi. Yaron da kamfanin akantocin ya turo maka duk wata ya ware kashi 10 cikin ɗari, wato miliyan 6, ribar shekara ta tsaya a miliyan 40. Ka ji daɗi, har ka fara maganar ƙarin rance da manajan banki.

Sai lokacin odit ya yi. Wanda ya zo binciken daga ofis ɗaya yake da wancan yaron, shugabansu ɗaya, wataƙila ma a kwano ɗaya suke cin abincin rana. Ya duba takardun dila, ya ga tun bara ba a biya ko kwabo ba, ya ga shagon ma an rufe. Iliminsa ya gaya masa aƙalla rabin bashin ya kamata a ware, miliyan 30. In an yi haka, sai a sake cire miliyan 24, ribarka ta dawo miliyan 16. Yanzu ka sa kanka a rigarsa. In ya rubuta haka, ya shaida wa duniya cewa ofishinsu ne ya shekara yana kuskure. Kuɗin odit ɗin miliyan 5 ne, na rubuta littafi kuwa miliyan ɗaya duk wata, wato 12. Fushinka zai iya tafiya da miliyan 17 gaba ɗaya. Ba sai ya zama ɓarawo ba kafin zuciyarsa ta raya masa cewa ai dilan zai biya bayan kaka. Hausawa sun riga sun gama magana: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ga Malam can a gefe yana girgiza kai, wai shi ba ya son a riƙa munana wa mutane zato, oditansu mutum ne mai tsoron Allah, a sahun farko yake salla. Na yarda, Malam, Allah Ya ƙara masa. Sai dai ba domin kai da ka san shi ake rubuta rahoton odita ba. Domin banki ne da ke Legas, da hukumar haraji, da ƙanwar Alhaji da ta zuba gadonta a kamfanin, ba ta taɓa leƙa sito ba. Waɗannan ba su ga sahun salla ba, abin da suka gani shi ne hannun da ya rubuta shi ne ya sa hannu cewa rubutun daidai ne. Shi ya sa ƙa'idar IESBA, wadda ICAN a Najeriya ta gina tata a kanta, ta nemi abu biyu: odita ya kasance mai cin gashin kansa a zuciyarsa, kuma ya zama mai hankalin da ke kallo daga waje ma zai yarda da hakan.

Wani kuma zai ce ai wannan matsalar ƙananan ofisoshi ce, manya suna da sunan da za su kare. Ina ruwan kwaɗayi da girman ofis? Arthur Andersen yana cikin manyan kamfanonin odit biyar na duniya. A shekarar 2000 ya karɓi kimanin dala miliyan 25 daga kamfanin Enron kuɗin odit, da wasu miliyan 27 na ba da shawara da sauran ayyuka, har da binciken cikin gida yana taya su. Enron ya durƙushe a Disambar 2001, Andersen ya bi bayansa a 2002. A shekarar ce Amurka ta kafa dokar Sarbanes-Oxley, wadda ta hana odita rubuta wa kamfanin da ke kasuwar hannun jari littafi, ko ƙiyasta masa darajar kadara, ko tsara masa manhajar lissafi, muddin shi ne mai bincikensa. Tarayyar Turai kuma a 2014 ta ce kuɗin sauran ayyukan da aka halatta kada ya wuce kashi 70 cikin ɗari na matsakaicin kuɗin odit na shekaru uku da suka gabata. Auna naka da wannan ma'auni, Alhaji: 12 a kan 5, kashi 240 ke nan. Dokar ba ta hau kanka ba, amma kada ka ce ban nuna maka ba.

Kwantar da hankalinka, kamfaninka ba banki ba ne, ba ya kasuwar hannun jari, don haka ƙa'ida ta yi maka sassauci. Oditanka zai iya taya ka aikin da ba ya buƙatar yanke hukunci: shigar da rasit ɗin da kai ka riga ka amince da shi, ko lissafa albashi daga alƙaluman da ka ba shi. Abin da ba zai taɓa yi ba, ko ƙaramin kamfani ne ko babba, shi ne ya ɗauki aikin shugabancin kamfani. A misalinmu, wa ya zaɓi kashi 10 ɗin nan? In kai ne ko akantan gidanka, da dalili a rubuce da sa hannu, to odita yana da wanda zai yi wa gardama. In yaronsu ne ya zaɓa, kai kuwa sai a ranar sa hannu ka fara ganin alƙalamin, an riga an tsallake iyaka tun kafin odit ya fara.

Bayan wannan akwai kariya biyu da aka saba: waɗanda suka rubuta littafi kada ɗayansu ya shiga tawagar odit, sannan wani ƙwararre da bai taɓa aikin ba ya sake duba shi. A takarda abin gwanin sha'awa. Amma Hajiya mai kamfanin sarrafa gyaɗa, ke da kike ta murmushi kina cewa naki oditan ya rantse miki ya raba ma'aikata, mutum nawa ne a ofishin nasa? In shi ne da ɗan'uwansa da ɗan bautar ƙasa guda, kuma duk fayil a teburinsa yake kwana, ina rabuwar take? Ofis irin wannan ko dai ya biya wani akanta na waje ya duba aikin, ko ya zaɓi ɗaya cikin biyun ya bar wa wani ɗayan.

Ki gwada shi da tambaya ɗaya in ya kawo rahoton bana: ya nuna miki jerin gyare-gyaren da odit ya nema a yi a littafin, da sunan wanda ya amince da kowanne. In shekara uku a jere jerin fayau yake, alhali kin san buhunan da sitonki ya ce akwai ba su taɓa yin daidai da waɗanda aka ƙirga ba, sai ki tambaye shi wa ya ƙirga kayan a ƙarshen shekara, da kuma a wane ofishi mutumin yake karɓar albashi.