Ruwan da muka saya a buhu

Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hirar majalisarmu a unguwar Gwadabawa da ke Jimeta ta koma ta hatsi. Da ƙwallo muke musu a kai, sai aka wayi gari duk wanda ya zauna a benci, farashin mudun masara yake fara kawowa kafin gaisuwa. A ƙarshen Yuli ma sai da aka sa dokar hana fita a Adamawa saboda fasa rumbunan abinci da aka yi a Jimeta. Da kaka ta zo, Alhajin layinmu ya kawo shawara: gida goma mu haɗa kuɗi, kowa buhu biyu, mu tsallake 'yan kasuwa mu je wurin manomi kai tsaye. Aka naɗa ni ma'aji kuma ɗan aike, bisa hujjar ina sa tabarau.

A lokacin ana sayar mana da buhun masara naira 38,000 a Jimeta. Wani surukin Alhaji ya rantse cewa a wani ƙauye gaba da Song, 30,000 ne. Na ɗauki biro na buga: rarar 8,000 sau buhu 20, naira 160,000 ke nan. Majalisa ta yi kabbara. Tun a daren uwargida ta ware wa kanta atamfa daga kasonmu.

Ƙarshen Oktoba muka tsallake gadar Binuwai, muka wuce Girei, ni da Baba Tela wanda aka haɗa ni da shi don wai yana jin Fulatanci. Da muka isa sai na gane Fulatancin nasa a gaisuwa ya tsaya. Manomin kuwa da na zata zan same shi cikin duhun kai, waya ya zaro daga aljihu ya kira ɗansa a Jimeta, ya ji farashin safiyar nan, sannan ya dube mu da kyakkyawar Hausa ya ce, "Malam, sai ku yi magana da dillalina." Mun yi tafiyar nan duka don guje wa dillali, ga shi zaune a gindin bishiya yana jiranmu da murmushi.

An dai tsaya a 30,000 ɗin, amma kuɗin masara ce tsirara. La'adar dillali 500 a kowane buhu. Buhun kansa da ɗinki 700. 'Yan dako 300 a ɗora, wasu 300 a sauke. Mai a-kori-kura ya ce 2,500, ya kuma yi mini wa'azi a kan kuɗin mai wanda ban nema ba. Kuɗin ƙasa da na igiyoyin da ake tarewa a hanya suka tashi 700. Kafin mu sake ganin gadar, buhu ya zama 35,000, atamfar uwargida ta koma ɗankwali.

Duk da haka an tarbe mu da guɗa. Aka jibge kaya a shagon Alhaji da ba kowa a ciki, a kan siminti, aka rufe ƙofa, aka ce sai Juma'a ta sama a raba. Kafin ranar, Hajiya Babba, wadda ta shekara tana sayar da awo a cikin gida, ta leƙa shagon. Ta cusa hannu cikin buhu ɗaya, ta fito da shi ta ce, "Ɗan nan, masararku zazzaɓi take yi." Na taɓa, da ɗumi kuwa, ga wani tsami-tsami yana tashi. Ta jefa ƙwaya ɗaya a baki ta ciza. Busasshiyar masara ƙas take fashewa a haƙori, wannan kuwa lotsewa ta yi. Sannan ta sa aka kawo busasshiyar kwalba, ta zuba masara da cokalin gishiri, ta rufe ta girgiza, ta ajiye. Da aka jima gishirin ya manne a jikin kwalba. Ta ce, "Kun sayo ruwa da kuɗin masara."

Masarar da za a ajiye, danshinta bai kamata ya wuce kashi 13 cikin 100 ba. Sabuwar da aka ɓare da wuri tana iya kai kashi 20, kuma idan ta bushe daga 20 zuwa 13, kusan kashi 8 na nauyinta ke bin iska. In aka bar ta a ɗinke kuwa, sai ta yi zafi, ta yi fumfuna, kuma fumfunar masara ba abin wasa ba ce, tana haifar da gubar da ke lalata hanta, wanki da dahuwa ba sa kashe ta. Ɗan kasuwar da muke zagi ya san wannan. Shi ya sa yake soka ƙarfe a gindin buhu da tsakiyarsa ya duba, ya ciza, ya rage kuɗi. Ni bakin buhu kawai aka buɗe mini, na ga ƙwaya jajir, na ce madalla. A tsarin aikin da majalisa ta ba ni dai babu cizo.

Aka farke buhu 20 aka baza a kan tamfol a tsakiyar layi. Nan muka ga abin da ke ƙasa: ƙaiƙayi, gutsattsarin totuwa, tsakuwa, har da silifa ɗin yaro ƙafa ɗaya, wanda Baba Tela ya ce a rubuta shi a matsayin gyara. Aka tsara gadi. Awakin Jimeta kaf suka samu labari, kaji suka aiko wakilai. Ni da na fita neman rarar 160,000, sai ga ni da tabarau da sanda ina tseren akuya a rana tsaka, ɗalibaina na wucewa suna cewa, "Sannu da aiki, Malam." Da yamma a kwashe saboda raɓa, da safe a sake bazawa.

Rabo ya zo da tasa rigimar. Kowace mace ta fito da mudunta, kuma babu biyu da suka yi daidai. Na Hajiya an bubbuga gindinsa ya shige ciki, na matar Alhaji kuwa ya yi ciki kamar ya ci sahur. Aka yi musu a kan ko a shafe baki ko a bari ya yi tozo, sai da Liman ya zo ya zaɓi mudu ɗaya ya zauna a kansa har aka gama.

Da mudun Liman, buhun da aka ɗinke a kan 80 ya ba da 70. Wajen shida rana ta sha, uku suka tafi a sheƙa, ɗaya na awaki. Raba 35,000 gida 70, mudu ya kama naira 500. Mun sayo buhu ɗaya a Jimeta don gwaji, busasshe, ya cika 80 cif: 38,000 gida 80, naira 475. Da na karanta wannan a majalisa, Alhaji ya ce tabarau ɗin ne ba su da kyau.

Ƙungiya dai ba ta mutu ba. Da kaka ta zagayo aka sauke ni cikin girmamawa, aka naɗa Hajiya Babba. Ta ƙi motsawa sai da hunturu ya busar da hatsi a Disamba. Ta tafi da mudunta da buhunanta, ta sa aka zazzage kowane buhu a gabanta aka auna, ta yi cinikin mota kafin ta yi na masara, ta kuma zuba kayan a buhu mai leda biyu a ciki, wanda ke toshe iska ƙwari su mutu ba tare da magani ba. A wannan karon an samu rara ta gaske, kuma mafi yawanta ta fito ne daga sayen da aka yi da hunturu aka ci har damina.

Duk wanda zai haɗa irin wannan ƙungiya a layinsu, ya lissafa kuɗin busasshen mudu a ƙofar gidansa, ya tafi da kwalba da gishiri, ya kuma tura mai haƙori. Wanda yaronsa ya ɓatar da silifa shuɗi a wajen Song kuma, yana wurina.