Yadda Ake Kai Ƙarar Kamfanin Wuta Ba Tare da Hawan Jini Ba

Idan takardar kuɗin wuta ta zo maka wata uku a jere da lissafin da ya fi dacewa da mai injin niƙa, alhali ƙwai huɗu da fanka ɗaya gare ka, to kada ka ɗauki biro a ranar. Wasiƙar da aka rubuta cikin zafin rai takan fara da "Allah ya isa", ta ƙare da "mu haɗu a lahira", kuma babu akawun da ke da fayil ɗin ajiye shari'ar lahira. Sha ruwa, ka kwana, gobe ka nemo leda.

Ledar nan ita ce lauyanka. A ciki za ka tara kowane bil da kowane rasidi, har da wanda uwargida ta naɗe daddawa da shi. Abokin hirarka da ke aiki a kamfanin, wanda kullum yake cewa "bar mini, Alhaji, zan duba", mutumin kirki ne, amma maganarsa ba ta shiga leda. Hukuma takarda take karantawa.

Ga abin da ke mayar da ƙarar mutane da yawa gida: tsallake mataki. Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Najeriya, NERC, ta shimfiɗa hanya hawa uku. Ana farawa ne daga sashen karɓar koke na kamfanin da kansa, wanda ake kira CCU, kuma ƙa'ida ta ba kamfanin kwanakin aiki 15. In bai warware ba, ko ya yi gum, sai ofishin sauraron ƙorafi na hukumar da ke yankinka, wanda za ka ga an rubuta NERC Forum Office a allonsa. Sai wanda hukuncin wannan ofishi bai gamsar ba ne zai ɗaukaka ƙara zuwa hedikwata a Abuja. Wanda ya zarce Abuja tun farko, za a yi masa sannu da zuwa, a nuna masa hanyar komawa. Ka kuma bincika jiharka, domin Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa nasu hukumomin, kuma wasu, irin su Neja da Filato, sun karɓi ragamar. A can, ƙofar hukumar jiha za ka ƙwanƙwasa.

Saboda haka ka rubuta wa kamfanin wasiƙa kwafi biyu, ka kai da ƙafarka. Ka miƙa ɗaya, ka ce a buga maka hatimi da kwanan wata a ɗayar. Za a iya ce maka mai hatimin ya fita salla. Ka ce madalla, kai ma za ka yi taka ka dawo. Kada ka bar harabar nan sai da tambarin, domin daga ranar da aka buga shi ne kwana 15 ke fara ƙirguwa, ban da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Shirun da ya biyo baya, wanda da yake ƙona maka rai, yanzu ya zama hujjarka.

To, me za ka ce wa hukumar? Cewa kuɗin ya yi yawa ba ƙara ba ce, kowa a layinku haka yake faɗa. Sai ka nuna da nawa ya yi yawa. Tun watan Fabrairun 2020 NERC ta sa iyaka ga yawan yunit ɗin da za a ƙiyasta wa wanda ba shi da mita, kuma tana wallafa iyakar a shafinta wata-wata. Duba bil ɗinka ka ga sunan layin da ke ba ku wuta, ka nemo iyakarsa ta wannan watan. In intanet ba fagenka ba ne, ɗan nan naka da wayar ba ta barin hannunsa yau ranarsa ta zo.

Bari mu ƙaddara tela ne a shago, iyakar layinsa yunit 150, farashin yunit kuma mu ce naira 60. Kuɗin wuta ya kama naira 9,000, harajin kashi 7.5 cikin ɗari ya ƙara 675, jimla 9,675. Amma a bil an rubuta masa yunit 400, wato 24,000, da haraji 1,800, jimla 25,800. Rarar kowane wata 16,125 ce, in abin ya maimaitu wata uku ta zama 48,375. Wannan lambar ita ce zuciyar wasiƙar. Telan da ya ce "an zalunce ni" za a ba shi haƙuri. Wanda ya ce "a cire mini naira 48,375" dole a ba shi amsa. Kada ka ɗauka hukumar ba ta san da wannan hali ba: a Fabrairun 2024 ta zaftare wa kamfanonin rarraba wuta 11 sama da naira biliyan 10 saboda ƙetare iyakar a watanni tara na farkon 2023, ta kuma umarce su da su mayar wa jama'a rarar.

Mai mita nasa ya fi sauƙi. Ya ɗauki hoton fuskar mitar yadda lambobi za su fito, ya jera shi da abin da aka rubuta a bil.

Wasiƙar da za ka kai ofishin sauraron ƙorafi kada ta wuce shafi ɗaya. Na san akwai tarihi, tun daga ranar da aka kafa turken unguwa har karo-karon da kuka yi na taransifoma, amma a adana shi don zaman majalisa bayan isha'i. A sama, sunanka yadda yake a bil, lambar asusunka, adireshi da lambar waya mai aiki. Sai watannin da aka yi kuskure, kowanne da abin da aka caje ka da abin da ya kamata. Sai ranar da ka kai koke kamfani, da cewa kwana 15 sun cika babu amsa. A ƙarshe ka faɗi abin da kake so dalla-dalla: a gyara lissafi, a cire rarar daga bashin da aka jibga maka, a sa maka mita. Roƙon a kori manaja ka bar shi a zuci. Ka haɗa da hoton takardun, na ainihi su zauna a leda, don fayil yakan yi ɓatan dabo.

Akwai wurin da masu gaskiya ke zamewa. Mutum ya fusata, ya ce ko kwabo ba zai ƙara biya ba sai an gyara. Ƙa'idar hukumar ta ce wanda ba shi da mita yana da ikon ƙin biyan bil ɗin da yake jayayya a kai, amma ya ci gaba da biyan gwargwadon bil na ƙarshe da bai yi jayayya a kansa ba, har a yanke hukunci. Ka biya wannan kowane wata ta hanyar da ke ba da rasidi. Ran da masu tsani suka tsaya a gindin turkenka, ka tarbe su da sallama da ruwan sanyi, in an samu wutar sanyaya shi, ka nuna musu wasiƙa mai hatimi da rasidin watan. Kada ka ba da na goro, kada kuma ka kira yaron unguwa ya maƙala maka waya da dare, domin wannan zai mayar da mai ƙara wanda ake ƙara.

In an kira zama, ka je da ledarka da wuri. Wakilin kamfani zai zo da nasa lissafin, ka bar shi ya gama, sannan ka karanta naka wata bayan wata. Ka nemi a ba ka hukuncin a rubuce, ka lura da ranar da ke jikinsa, domin kwanakin aiki 10 ne wa'adin ɗaukaka ƙara. In kai ka yi nasara, ka duba bil na watan gaba ka tabbata an cire kuɗin, in ba a cire ba ka koma wa ofishin da kwafin hukuncin da sabon bil ɗin a hannu.